A cire shafin iyakokin bincike ko a bar shi?

Nafisa: Salamu alaikum 'yan uwa. Na kammala binciken kasuwa wa wani mai injin casar shinkafa da ke son fitar da 'yar gida marar tsakuwa a ledar kilo 5. Mun zanta da masu shago 120 a Birnin Kebbi, Jega da Argungu, 84 suka ce za su saya. Na ƙara shafi guda kan inda binciken ya gaza da abubuwan da muka ɗauka bisa zato. Oga ya ce in cire, wai banki na ganinsa zai ce mu ma ba mu yarda da aikinmu ba. Yana da gaskiya?

Sani Kamba: Yana da gaskiya mana. Wa kika taɓa gani ya kai saniya kara yana faɗin tana ɗingishi? Ki ba su kashi 70 cikin ɗari ɗinki ki yi shiru. In sunka tambaya ki amsa.

Malam Bello: Sani, mai duba takardar bashi ai aikinsa ke nan, neman ɗingishin. In shi ya gano da kansa, sauran alƙaluman ma sun zama abin zargi. Malama Nafisa, turo mana abin da kika rubuta a shafin. Sannan mutum nawa kuka tunkara suka ƙi magana? Kuma kashi nawa na shagunan mai injin yake buƙata kafin ya mai da kuɗinsa?

Nafisa: Mun tunkari 150, mutum 30 suka ce ba su da lokaci. Lissafinsa ya nuna in kashi 40 na shagunan suna ɗauka duk wata, ya tsira. Ga abin da na rubuta: “Saboda ƙarancin lokaci da kuɗi, mai yiwuwa sakamakon bai nuna ainihin halin kasuwa ba, don haka a yi taka-tsantsan.”

Malam Bello: To, a kan wannan jimlar ina bayan oganki. Ba ta gaya wa kowa komai ba, ta dai zubar da rahoton gaba ɗaya. Mai karatu bai san wane adadi zai yi wa taka-tsantsan ba, bai san ko adadin ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba. Kowace gazawa da za ki ambata, ki faɗi ɓangaren da take karkata sakamakon, da iya girman da za ta kai, da ko ta isa ta sauya shawarar.

Ɗauki mutum 30 ɗin nan. Ki ƙaddara dukkansu da sun ce a'a. Ya zama 84 cikin 150, wato kashi 56. Har yanzu ya haura 40 da tazara mai kyau. Sai ki rubuta: “Masu shago 30 ba su amsa ba. Ko da dukkansu sun ƙi kayan, masu sha'awa ba za su gaza kashi 56 ba, alhali kashi 40 ake buƙata.” Kin faɗi gaskiya, kuma mai karatu ya fi natsuwa da adadin fiye da da, domin kin riga shi yin tambayar.

Abdul Gwandu: Ni a ganina matsalar 120 ɗin ce, ta yi kaɗan. Ki koma ki cika 400, shi ke nan ba sauran wata gazawa. A makaranta haka aka koya mana.

Malam Bello: Yawa na taimakawa, Abdul, amma a abu guda. Da mutum 120 da kashi 70, kuskuren da ke zuwa daga ɗibar mutane kawai ya kai maki 8 sama ko ƙasa, wato tsakanin 62 da 78. Da 400 zai sauko wajen maki 4 da rabi. Wannan lissafin ma sai in ƙuri'a aka yi wajen zaɓen shagunan. In yaran da aka tura sun bi layin bakin titi ne suna shiga inda aka yi musu fara'a, ko dubu suka tambaya karkatar tana nan.

Nafisa: Gaskiya layi-layi suka bi, suna tsallake shago biyu su shiga na uku. Ba mu da jerin sunayen shagunan.

Malam Bello: Ki rubuta hakan yadda yake, ya fi bin son rai nesa ba kusa ba. Sai ki taƙaita iƙirarin maimakon ki sassauta shi. Kada ki ce “masu shago a Jihar Kebbi”, tunda ba ku taka Yawuri ko Zuru ba. Ki ce “masu shago a manyan kasuwannin garuruwan nan uku”, ki faɗe shi da ƙarfi ba tare da wani “mai yiwuwa” ba.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in sa baki, ni da ke da shago. 'Yata Nafisa, yaushe kuka yi yawon nan? In gab da azumi ne, kowa zai ce miki zai saya. Kuma duk wanda ya shigo da takarda da biro, muna ce masa e ne don ya tafi da daɗin rai. Ranar da kaya suka iso sai a ce a ajiye, in an sayar a biya. Kun tambaye su ko kuɗi hannu za su ba da?

Nafisa: Mako biyu kafin azumi ne, Hajiya. Maganar bashi kuwa ba ta cikin tambayoyin.

Malam Bello: Hajiya ta taɓo wadda ke da haƙori. Gwada ta da lissafi. In biyu cikin uku na masu cewa e ne suka saya da gaske, 56 ke nan. A kan 120 kashi 47 ne, an tsira. A kan 150 kuwa kashi 37, an faɗi ƙasa da 40. Ashe wannan gazawar ta isa ta juya shawarar, don haka ba a ƙarshen rahoto za ta zauna ba, a shafin farko za ta tsaya kusa da kashi 70 ɗin. Shawarar ma sai ta bi ta: akwai sha'awa da ta isa a gwada, a kai kaya shaguna 20 bayan salla na wata biyu, a ƙirga waɗanda suka biya kuma suka sake nema, kafin a sayi injin ɗura leda.

Sani Kamba: Ai ka ga abin da nike faɗi. An tashi daga “a ba mu kuɗin inji” an koma “a gwada”. In wanga ba raunana rahoto ba ne, mi ne ne? Kuma tunda faɗin gaskiya kuke so, ku sa maganar boda. Mu nan mun ga yadda farashin 'yar gida ya tashi da anka rufe iyaka a watan Agustan 2019. In 'yar waje ta yi sauƙi, lissafin kashi 40 ɗin nan ya tashi aiki.

Malam Bello: Ta biyun na karɓa hannu biyu. Shi ne babban zaton da rahoton ke zaune a kai, tare da farashin shanshera. Ta rubuta farashin da ta yi amfani da shi da ranar da ta ɗauke shi, sannan ta nuna inda 40 ɗin zai koma in shanshera ta ƙaru da kashi 10, ko in tazarar 'yar waje da 'yar gida ta ragu. Ta farkon kuwa ban yarda ba. Kashi 70 bai taɓa cewa a sayi inji ba, cewa ya yi mutane sun ce suna so.

Sani Kamba: Kai dai ba ka taɓa zama gaban manaja kana jiran sa hannu ba, Malam.

Hajiya Rabi: In za a yi gwajin a sa shagona ciki, amma na faɗa tun yanzu, kashin farko bashi zan ɗauka.

Nafisa: Zan cire tsohon shafin, in mai da kowace magana kusa da adadin da ta shafa. Gobe zan nuna wa oga. Malam Bello, shi kashi 37 ɗin nan fa, in ya ce sam kada ya fito a shafin farko?

Malam Bello: Ki ce a sa 47 da 37 tare a layi ɗaya, da bayanin abin da ya bambanta su. Sunan wa ke kan rahoton, naki ko nasa?

Nafisa: Namu duka biyun.