An mayar min da buhu 12 ya koma 21 a takardar PDF, ya zan rufe wannan ƙofa?

Sakataren ƙungiyar manoman shinkafa, Argungu: Salamu alaikum. Muna da fom na PDF da nake cikewa duk wanda ya karɓi taki, suna da yawan buhu, in tura masa ta WhatsApp. Makon jiya wani ya kawo nasa a waya an rubuta buhu 21, alhali 12 na sa. Ashe gurbin yana taɓuwa. Shugabanmu kuma yakan liƙa ɗan bayani a gefen shafi. Yaya zan yi takarda ta ƙi gyaruwa bayan na cike?

Ɗalibi, Aliero: Wa alaikumus salam. Baba, sa mata kalmar sirri kawai, ka kashe izinin gyara. Shi ke nan.

Mai shagon kwamfuta, Birnin Kebbi: Ƙanena, wannan makullin na kara ne. Muddin takarda tana buɗuwa ba a tambayi kalmar sirri ba, hanin gyaran roƙo ne kawai ake yi wa manhaja. Adobe yana jin roƙon, wasu manhajojin ko a jikinsu, kuma layi ɗaya na umarni a wata manhaja mai suna qpdf yana cire shi.

Malam Sakatare, abin da ka rubuta a gurbin fom ba a jikin shafin yake ba. Shafin daban, gurbin daban an ɗora shi a sama, kamar ka aza ƙyallen takarda kan littafi ba ka sa gam ba. Bayanin shugabanku ma haka yake zaune. Abin da kake nema shi ne a manne su da shafin, a zubar da guraben. Manhajoji suna rubuta shi Flatten.

Idan kwamfutarka Windows 10 ce ko 11, buɗe fom ɗin da ka cike a Adobe Acrobat Reader, danna Ctrl+P, a wurin zaɓen firinta ka ɗauki Microsoft Print to PDF. Kada ka yi saurin danna Print. Duba inda aka rubuta Comments & Forms. Idan yana kan Document, zane da rubutun da shugaba ya yi a kan shafi ba za su fito ba. Mayar da shi Document and Markups. Sannan ka ba sabon fayil wani suna daban. Na asalin kuma ka riƙe shi da kyau, don manni ba ya warwaruwa. Ranar da ka ga ka yi kuskure a sunan mutum, na asalin za ka koma wa ka gyara ka sake mannewa.

Kafin ka tura, buɗe sabon ka danna kan adadin buhun. In babu sandar rubutu da ta fito tana ƙyaftawa, ka matsa Tab ba ta yi tsalle zuwa wani gurbi ba, ya mannu.

Sakataren: Na gwada yanzu, Alhaji. Gurbin ya daina taɓuwa, alhamdu lillahi. Amma bayanin shugaba babu shi. Inda ya rubuta cewa saura buhu 3 sai an biya, ban ga rubutun ba sam.

Mai shagon kwamfuta: To, da Sticky Note yake rubutawa ke nan, ɗan akwatin nan rawaya da sai an danna yake buɗewa. Manni yana ɗaukar abin da ido ke gani a kan shafi ne kawai. Rubutun da ke naɗe a cikin akwatin ba ya cikin abin da ake gani, saboda haka iyakar abin da zai iya tsira shi ne hoton akwatin, maganar kuwa ta tafi. Ka ce wa shugaba ya riƙa rubutawa kai tsaye kan shafin da akwatin rubutu, wanda ake karantawa ba sai an danna ba. Na baya kuma sai ka kwafe su ɗaya bayan ɗaya. Babu gajeriyar hanya da zan yarda da ita a nan.

Malamar makaranta, Jega: Yauwa, ni ma abin da nake nema ke nan. Ina rufe lambobin wayar iyayen yara da baƙin akwati kafin in tura jerin sunaye. In na manne ai ba mai ganinsu ko?

Mai shagon kwamfuta: A'a Hajiya, naki daban ne, kuma ya fi haɗari. Akwatin zai manne, ba mai janye shi, amma lambobin suna nan kwance a ƙarƙashinsa. Buɗe fayil ɗin ki danna Ctrl+F ki rubuta ɗaya daga cikin lambobin, ko ki kwafe shafin ki zuba a Notepad, za ki sha mamaki. Ki goge su tun daga Excel ko Word kafin ki fitar da PDF.

Ma'aikacin lissafi, Yauri: In takardun suna da yawa, bugawa ɗaya-ɗaya wahala ce. Ni qpdf nake amfani da shi, kyauta ne:

```
qpdf --generate-appearances --flatten-annotations=all cike.pdf manne.pdf
```

Kashin farko yana zana abin da ke cikin guraben idan manhajar da ta cike ba ta zana ba, na biyun ya manne. Na taɓa barin na farkon, na ga guraben suna nan yadda suke.

Mai shagon kwamfuta: Haka ne yallaɓai, amma akwai rami a nan da ya shafe mu mu Hausawa. Idan qpdf ne ya zana rubutun da kansa, haruffan Turawan yamma kawai ya sani. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa ciki, alamar tambaya yake sawa a madadinsu. Na yi wa wani mutum takardu 40 da dare, da safe muka ga duk wanda sunansa ya fara da Ɗan ya zama ?an. Da na danne na asalin da mun shiga uku. Duk wanda zai bi ta nan ya fara gwada takarda ɗaya mai suna mai lanƙwasa.

Ɗalibin: To me zai hana a mayar da shafin hoto gaba ɗaya? Hoto ai ba ya gyaruwa.

Mai shagon kwamfuta: Yana gyaruwa, yaran da ke haɗa katin biki a shagona minti biyu ya ishe su. Ga nauyi ya ƙaru, ga ba a iya neman suna a ciki. Shi kansa mannin, Malam Sakatare, kada in ruɗe ka: ya hana mai waya ya taɓa gurbi ya sauya lamba, amma wanda ya buɗe fayil ɗin a LibreOffice Draw ko Acrobat Pro zai iya gyara 12 ɗin kamar kowane rubutu. PDF da ba ta gyaruwa kwata-kwata babu ita. Abin da ake iyawa shi ne a gane an taɓa. Sa hannun dijital yana yin wannan, sai dai a manne tukuna sannan a sa hannu, in aka juya tsarin, sa hannun ya lalace. Mai sauƙi kuma, ka ajiye kwafin duk abin da ka tura, ka ɗauki zanen yatsansa:

```
certutil -hashfile manne.pdf SHA256
```

Zai ba ka haruffa da lambobi 64. In aka kawo fayil ka gwada, ko ɗigo aka sauya ba za su zo ɗaya ba.

Ma'aikacin lissafi: Alhaji, wane manomi ne zai tsaya ana karanta masa haruffa 64 a bakin sito? Ni dai a sa wa kowace takarda lamba, a rubuta adadin da lamba da kalmomi, 12, goma sha biyu, a shigar a littafi mutum ya dangwala.

Mai shagon kwamfuta: Ba manomin zai karanta ba, kwamitin ne ranar da aka yi gardama. Littafin ma ai hannu ke rubuta shi.

Sakataren: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Manni da lambar takarda zan fara gobe. Zancen haruffa 64 sai na kai wa shugaba, shi da har yanzu ban san yadda zan raba shi da rawayan akwatinsa ba.