Bilenda tana yoyo ta gindi, kuma tana juyawa ba ta niƙa

Assalamu alaikum. Don Allah masu sanin gyaran bilenda ku taimaka min, tawa ta sa ni a gaba.

Yoyo ta fara yi ta ƙasan kofin. Na kwance gindin, na ciro robar da ke tsakanin wuƙa da kofi, na tarar ta bushe har ta tsage. Na sa sabuwa daidai girmanta, na ɗaure da kyau, na zuba ruwa na ajiye kofin a kan busasshen faranti minti 10. Gefen zaren bai jiƙe ba. Amma ɗigon yana nan, ta tsakiya yake fitowa, daidai sandar da ke juya wuƙar, kuma ruwan baƙi-baƙi ne kamar ya haɗu da maiko. In na kama wuƙar na girgiza, tana ɗan motsi gefe da gefe.

Yanzu kuma injin yana kuka lafiya lau, amma da na zuba abu mai ɗan tauri sai wuƙar ta tsaya cak, ga ƙaurin roba. Da na cire wuta na duba haƙoran robar da ke saman injin, sun lashe, ga baƙin gari kewaye da su.

Zargina ruwa ne ya shiga boris ɗin wuƙar ya sa ta yi tauri, ita kuma ta cinye haƙoran. In haka ne, canza haƙoran kaɗai zai wadatar, ko dole in canza gindin wuƙar gaba ɗaya? Sannan ta wane ɓangare ake kwance haƙoran? Na murɗa hagu sun ƙi, sandar injin tana bin su, kuma ina tsoron in lalata zaren. Na gode.