Ajiye rikodin kwamfuta kafin ɓarna ta auku

Mun tattauna da masu kula da kwamfutocin ofisoshi a Ikeja, bakinmu ya zo ɗaya kan rikodin tsaro na Windows. Yadda yake zuwa, girmansa kusan megabait 20 ne, idan ya cika sabo ya danne tsoho. A sabar da ake yawan shiga, kwana ɗaya na iya cinye shi, alhali kutse yakan yi makonni ba a farga ba. Shawara ita ce a faɗaɗa shi zuwa gigabait 1 da wannan umarnin:

```
wevtutil sl Security /ms:1073741824
```

Wani dattijo ya ce wannan bai isa ba, domin ɓarawo yakan goge rikodin. Gogewar tana barin alama mai lamba 1102 a cikin rikodin, amma abin da aka goge ya tafi. Saboda haka a riƙa tura kwafi nan take zuwa wata sabar daban, a ajiye aƙalla kwana 90, kuma a daidaita agogon injinan.