Farashi na nan a allo amma babu mai saye: wa ya taɓa shiga wannan halin?

Baban Walid: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da hannun jari guda 200,000 na wani ƙaramin kamfani da ke kasuwar hannayen jari ta Legas. Manhajar dillalina tana nuna naira 3 kowanne, wato naira 600,000 ke nan. Kuɗin makarantar yara ya taso, na sa su a kasuwa a kan naira 3 ɗin, har yau ko guda ba a ɗauka ba. Abin ya dame ni ƙwarai. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya gaya mana yadda ya fita.

Ɗan Kwari: Dillalai ne suke danne farashi don su kwashe da araha. Haka aka yi min. Ka cije, za su dawo su saya a kuɗinka.

Malam Tsoho: Wa alaikumus salam. Na yi aiki a ofishin dillalan hannun jari, kuma da wuya dillalai ne matsalar nan. Naira 3 da kake gani farashin cinikin baya ne, wanda aka yi aka tashi, mai yiwuwa tun makonni. Ba tayi ba ne. Baban Walid, buɗe wurin da aka rubuta `Bid` da `Offer`, wato tayin masu saye da farashin masu sayarwa, ka kawo mana abin da ka gani har da adadi.

Baban Walid: Ga shi, Malam. Masu saye: 10,000 a 2.85, sai 25,000 a 2.75, sai 40,000 a 2.70. Ban da nawa, mai sayarwa mafi sauƙi yana 3.10.

Malam Tsoho: To kafin ka shigo, tsakanin mai saye da mai sayarwa akwai kwabo 25, sama da kashi 8 cikin ɗari. Wanda ya saya a 3.10 ya juya ya sayar nan take ya yi asarar wannan, kafin a cire la'adar dillali da sauran caje-caje, wajen kashi 2 a kowane ɓangare.

Yanzu a ce ka sakar musu duka. Na farko ya ba ka 28,500, na biyu 68,750, na uku 108,000. Jimilla naira 205,250 a kan guda 75,000, kowanne ya tashi kusan 2.74. Ragowar 125,000 suna hannunka, don masu sayen sun ƙare. Kuma ba za ka iya ƙara karya farashi ranar ba, saboda kasuwar ba ta barin hannun jari ya sauka ko ya hau fiye da kashi 10 cikin ɗari a yini. 2.70 ɗin nan shi ne ƙasa. Kamar ka kai rago kasuwa ne bayan Sallah da mako: kuɗin jajibiri gaskiya ne, amma masu biyansa sun watse.

Ɗan Kwari ya yi gaskiya a abu ɗaya: mai taya 2.70 ya san akwai wanda buƙata za ta matsa. Amma shi ma idan ya saya zai maƙale, shi ya sa yake neman rangwame.

Maman Ilham: Ni ma nawa kuɗin sun maƙale shekaru, sai da na cike fom a banki aka fara turo min ribar shekara. Ka gwada hakan.

Malam Tsoho: Hajiya, wannan ribar da ba a karɓa ba ce, wajen magatakardan kamfani ake bi. Shi sayar da jarin kansa yake so.

Injiniya Bichi: Ni gado muka raba, da hannun jarin bankin Zenith da na wani kamfanin inshora a ciki. Na Zenith kafin in ajiye waya an saye, tazarar 'yan kwabbai ce, don miliyoyi ake juyawa kullum. Na inshorar sai da na riƙa fitar da 20,000 ko 30,000 da `limit order`, ina gindaya farashin da ba zan sauka ƙasa da shi ba. Ya ci watanni. Daga baya na duba rahoton shekara, ashe mafi yawan hannayen jarin kamfanin suna wajen mutane ƙalilan da ba sa sayarwa, abin da ke yawo a kasuwa ɗan kaɗan ne. Tun lokacin, adadin da ake cinikayya a yini nake fara dubawa kafin farashi. In abin da zan saya ya fi cinikin yini guda, ba na shiga.

Malam Tsoho: Yayyankawar tana da nata haɗarin, Injiniya. Kana jira wani ya zo da kaya masu yawa ya sa ƙasa da naka, ka koma bayan layi. In ka ga allo cike da masu sayarwa a farashin ƙasa, gefen masu saye fayau, gobe ma wani kashi 10 na iya tafiya.

Baban Walid: Na gode. Naira 100,000 nake buƙata cikin makon nan. Na 2.85 da na 2.75 za su ba ni 97,250 kafin caji, sai in cika daga aljihu. Ragowar fa, in bar su a naira 3, ko in sauko 2.90 don in shiga gaba?

Injiniya Bichi: Ni 2.90 zan sa.

Ɗan Kwari: Kada ka sauka ko kwabo.