Wace kalma za mu ba wutar da firij da famfo ke fizga lokacin tashi?

Malamar koyar da sana'a: Ina shirya darasi da Hausa kan yadda ake zaɓen girman inbata, kuma na tsaya a kan kalmar da ake rubutawa a jikin na'urar, `Surge` ko `Peak`. Ɗalibaina sun saba da tara wat ɗin kayan gida su sayi inbatar da ta ɗara jimillar kaɗan, alhali firij da famfon ruwa ba sa bin wannan lissafi, domin a daidai lokacin da motonsu zai tashi yana jan wuta ninki uku zuwa bakwai na abin da yake ci idan ya kama gudu. Ina neman sunan da zai sa ɗalibi ya gane haka da jin farko.

Mai shagon kayan wuta: Malama, ai muna da ita tuntuni, ita ce hauhawar wuta. Idan aka kawo wuta da ƙarfi ta ƙona talabijin, abin da muke cewa ke nan, kuma maganinta sitabilaiza.

Injiniya: Alhaji, Turancin ne ya haɗa abubuwa biyu a kalma ɗaya, amma abin da ka kawo daban yake. Hauhawar wuta daga waje take zuwa, bolt ne ke ƙaruwa a kan layi. Abin da Malama ke nufi kuwa daga cikin gida yake, moton ne da kansa ke jan amfiya mai yawa saboda bai fara juyawa ba, kuma a lokacin bolt sauka yake yi, shi ya sa ƙwan fitila ke dusashewa na ɗan lokaci idan firij ya tashi. Ina ba da shawarar "fizgar tashi", domin fizga ja ce mai ƙarfi wadda ba ta daɗewa, wannan ma yawanci ba ta kai daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Ga yadda kalmar za ta yi aiki a lissafi. A ɗauki famfon burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya wanda ke cin amfiya 5 a kan bolt 230, wato `1150 VA` yana cikin aiki. Idan fizgar tashinsa ninki biyar ce, amfiya 25 ke nan, wato `5750 VA`. Inbata mai `2.5 kVA` wadda ke iya ba da ninki biyu na ɗan lokaci za ta tsaya a 5000, saboda haka za ta yi ƙara ta nuna `Overload` ta yanke, duk da cewa famfon bai cin rabin ƙarfinta idan ya riga ya tashi. Mai `3.5 kVA` tana kaiwa 7000, za ta tayar da shi har ta bar sarari ga fitilu da fanka da ke kunne, waɗanda dole a haɗa su cikin jimillar.

Mai gyaran firij: Ni na fi son "yunƙurin tashi", kamar yadda raƙumi mai kaya ke yunƙurawa kafin ya miƙe. Mu ba ma yin hasashen ninki, muna duba `LRA` a jikin kwamfureso, wato amfiyar da moton ke ja kafin ya fara juyawa. Idan an rubuta 8, a ninka da 230, a sami 1840. Wani abokin cinikina yana da inbata mai wat 1000, firij ɗinsa yana tashi lafiya da safe, amma idan aka ɗauke wuta ta koma kan batir nan take sai ya ji ƙas-ƙas, kwamfureson ya kasa juyawa. Matsin iskar gas ɗin cikin firij ɗin ne bai sauka ba. Na sa masa na'urar jinkiri ta minti biyar, matsalar ta ƙare.

Injiniya: Misalinka ya nuna raunin "yunƙuri", Malam. Yunƙuri aikin moton ne, ba ya faɗin abin da aka ɗauka daga inbata, kuma ba za a ce yunƙurinsa amfiya 8 ne ba, amma za a ce fizgarsa amfiya 8 ce. Sai dai muna bukatar kalma ta biyu don abin da inbatar ke iya ɗauka, watakila "juriyar fizga", kuma dole a faɗi tsawon lokacinta. Inbata mai nauyi mai babban taransifoma takan jure ninki uku na 'yan daƙiƙu, wasu marasa nauyi kuwa ninki biyunsu ba ya daɗewa har famfo ya gama tashi. Batir ma yana da nasa kaso: a tsarin bolt 24 wancan famfon zai ja amfiya sama da 100 lokacin tashi, kuma idan waya siririya ce ko batirin ya tsufa, `Low battery` za a gani.

Malamar koyar da sana'a: Na karɓi "fizgar tashi" don ɓangaren moto. "Juriyar fizga" kuwa ta yi mini nauyi a baki, kuma ina tsoron ɗalibi ya ɗauka juriya na nufin dogon lokaci. Zan gwada ta a aji tare da "ƙarfin ɗaukar fizga" in ga wadda za su riƙe.