Kebul ɗin USB mai tsawo: a mita nawa na'urarku ta fara yankewa?

Abban Khalifa:
Salamu alaikum jama'a, ina neman waɗanda suka taɓa jan kebul ɗin USB da nisa su faɗa min abin da suka gani da idonsu. Ni nake ɗaukar karatun da ake yi a masallacin unguwarmu muna haskawa kai tsaye, kyamarar irin ƙaramar nan ce ta USB, to wajen da ya kamata ta zauna a gaban malam da wajen da nake ajiye laftof kusan mita 12 ne tsakani saboda ba na so in zauna tsakiyar sahu. Na sayo ekstenshan na mita 5 guda biyu na jona da kebul ɗin kyamarar. Da guda ɗaya hoto yana zuwa amma yakan daskare lokaci-lokaci, da na ƙara na biyu kuma sai ƙarar nan ta shiga da fita kawai nake ji, sannan ta rubuto `USB device not recognized`. In na cire duka na sa kyamarar kai tsaye lafiya lau take aiki. Kebul ɗin ne marar kyau ko nisan ne ya yi yawa? Kuma wanda ake ce wa aktif ɗin nan da gaske yana maganin abin?

Bash Mai Kafe:
Wa'alaikumus salam. Ni dai a ganina kebul ɗinka ne jabu, don a shagona firinta tana can ƙurya kwamfuta tana bakin ƙofa, na jona na mita 5 da na mita 3 kuma kullum ana firintin da ita ba ta taɓa ba ni matsala ba. Wannan maganar mita 5 da ake yi ni ban ga alamarta ba wallahi. Ka nemi mai kauri wanda yake da ɗan dunƙulen nan a kusa da kansa ka gwada.

Maman Hanif:
Nima na sha fama da irin wannan amma da modem. Sabis ba ya shiga ɗakinmu sai an rataye shi a taga ta waje, sai na sa ekstenshan na mita 5. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kwamfuta tana ganinsa, fitilarsa ma tana kamawa, amma da zarar na fara loda abu mai nauyi sai ya mutu ya sake tashi kamar an zare shi an mayar. Da ƙanena ya kawo min wani na mita 3 mai ɗan kauri shi ke nan abin ya tsaya, sai dai na matso da tebur kusa da tagar. Har yau ban san ko gajartar ce ta gyara ko kaurin ba.

Injiniya Sabo:
Duka biyun ne Maman Hanif. Abubuwa biyu ne suke kashe na'ura a dogon kebul kuma mutane suna haɗa su wuri ɗaya, akwai matsalar wuta akwai matsalar saƙo.

Naki na wuta ne. Kwamfuta 5V take bayarwa, kuma a USB 2.0 na'ura tana iya jan har 500mA. Wayar da take cikin kebul mai arha siririya ce, in kin duba jikinsa za ki ga an rubuta `28AWG`, ita kuwa kowace mita tana da turjiya kusan 0.2 ohm. Wutar zuwa take yi ta dawo, don haka kebul mai mita 5 tafiyar mita 10 ce, kusan 2 ohm ke nan, in modem ya ja 500mA an yi asarar 1V a hanya, abin da zai isa gare shi wajen 4V ne kawai. Lokacin da yake zaune ba ya jan wuta sosai shi ya sa fitila take kamawa, da ya fara aika saƙo da ƙarfi sai wutar ta faɗi ya sake tashi. In wayar wutar `24AWG` ce asarar ba ta wuce kamar 0.4V ba a wannan tsawon. Lambar in ta yi ƙasa wayar ta fi kauri. Sannan kaurin roba ba shi ne kaurin waya ba, na sha yanka kebul mai kauri in tarar da silin waya kamar gashi a ciki.

Malam Bash kai ma gaskiya ka faɗa game da firintarka, amma ita da wutarta take zuwa daga soket, ba ta dogara da kebul ba. Kuma in wani ɓangare na saƙon ya lalace a hanya kwamfuta sake turo mata take yi, kai ba za ka lura ba. Kyamara ba haka take ba, hoto ne yake kwarara, yawancinsu abin da ya lalace ya tafi ba a sake aikowa, shi ne daskarewar da Abban Khalifa yake gani. Mita 5 ɗin a ƙa'idar USB 2.0 take, saboda kwamfuta tana da ɗan lokacin da take jiran amsa daga na'ura, in kebul ya yi tsawo amsar tana makara kuma tana isowa a raunane. An bar ɗan rara shi ya sa wani yake wuce 5 ya tsira, amma mita 10 da ɗoriya da mahaɗa biyu a tsakani ba zai yi wa kyamara ba ko da kebul ɗin na kirki ne.

Auwal Tela:
Don Allah tunda ana maganar nima in tambaya, na sayi kebul na mita 3 don in riƙa caji ina kwance, amma wayar sai ta kwana ba ta cika ba, da gajeren kuwa nan da nan. Aktif ɗin zai ƙara masa sauri?

Injiniya Sabo:
A'a Auwal, kar ka ɓata kuɗinka. Aktif saƙo yake gyarawa ba ya ƙara wuta, shi kansa ma ɗan ci yake yi daga wutar. Naka lissafin da na yi a sama ne, sai ma ya fi muni don caji yana jan wuta fiye da modem. Ka ja soket ɗin ya zo kusa da gado ka yi amfani da gajeren.

Abban Khalifa kai kuma aktif zai yi maka. Ƙullin da kake gani a ƙarshensa ɗan hob ne, irin na'urar nan da ake ƙara bakin USB da ita, amma mai baki ɗaya, yana karɓar saƙon ya sake haifar da shi sabo, sai lissafin mita 5 ya fara daga farko. Ka nemi na mita 10 guda ɗaya, da kebul ɗin kyamarar zai kai ka 12 ko kusa, kuma ka zaɓi wanda yake da ƙaramin rami na sa adafta a ɓangaren kyamara, don doguwar wayar har yanzu tana shan wuta. Kar ka ƙara masa ekstenshan na banza a gaba ko a baya. Sannan ba a jera su ba iyaka, ƙa'ida hob 5 ne tsakanin kwamfuta da na'ura, shi ya sa ake cewa iyakar abin mita 30. Dogon aktif guda ɗaya yana iya cinye biyu ko fiye daga cikin biyar ɗin, wani laftof ɗin ma da nasa hob a ciki. In kana so ka ƙirga ka buɗe `Device Manager` ka shiga `View` ka zaɓi `Devices by connection`, za ka gan su a jere ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

Habu Mai Bidiyo:
Ni aikin biki da taro nake yi kuma na bi duk hanyoyin nan. Abin da zan ƙara shi ne duk maganar Injiniya ta USB 2.0 ce, in ka shiga USB 3 mai shuɗin baki abin ya fi tsanani, wajen mita 3 ne ƙarshensa, masu gudun 10Gbps kuwa mita 1 ce. Kuma shi ba ya mutuwa ya huta, a'a, sai ya koma gudun USB 2.0 shiru ba tare da ya gaya maka ba. Na'urar da nake shigar da hoton babbar kyamara cikin kwamfuta da ita haka ta yi min a wani ɗakin taro, na sa ekstenshan na mita 5, kwamfuta ta gan ta sarai amma zaɓin 1080p mai firem 60 ya ɓace daga manhajar, hoto yana tafiya yana tsalle, ga mutane sun cika ana jirana.

Daga baya na sayi kebul na faiba, wato mai aika saƙo da haske, mai mita 20, kuma a kan wannan na'urar yana aiki kamar a jikin laftof take. Amma ku kula, yana da gaba da baya, kai ɗaya an rubuta `Host` ɗayan `Device`, in ka juya ba abin da zai yi. Nawa kuma bai ɗauke da USB 2.0 kwata-kwata, na jona linzami da kibod ko motsi, wuta ma sai na ba ɗaya ƙarshen daban. Akwai waɗanda ake haɗa faiba da wayar tagulla a ciki su suna ɗaukar duka, sai ka karanta kwalin da kyau. Don haka Abban Khalifa in kyamararka ta USB 2.0 ce kar ka je ka kashe kuɗi a faiba ta zo ta ƙi ganinta. Kuma ba ya son a lanƙwasa shi sosai ko a taka, a masallaci kuwa sai an bi da shi ta bango.

Yanzu ma a yawancin aiki na daina jan USB, na'urar tana nan kusa da laftof da gajeren kebul, HDMI ɗin nake ja da nisa.

Bash Mai Kafe:
To na ji bayanin firinta na yarda, amma ni har yanzu ina ganin ingancin kebul ya fi tsawo tasiri, don akwai na mita ɗaya da rabi da na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi aiki da shi a shagona, na canza wani mai mita 3 ta yi. Sannan me ya sa ba wanda ya ambaci 'yan akwatunan nan biyu da ake sa kebul ɗin netwok a tsakaninsu? An ce suna kai mita 50.

Habu Mai Bidiyo:
Suna kaiwa, na gwada mai arhar. Kibod da linzami sun yi aiki, kyamara kuma ta ƙi ba da hoton kirki, ashe USB 1.1 ne a ciki wato 12Mbps, alhali kyamarar tana neman hanyar 480Mbps. Akwai masu USB 2.0 na gaske da adaftarsu amma kuɗinsu daban ne, su ban taɓa riƙewa ba.

Abban Khalifa:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na samo aron aktif na mita 10 na gwada bayan isha'i, kwamfuta ta ga kyamarar nan take kuma hoto ya zo fes. Sai dai wajen minti 40 da farawa ta yanke sau ɗaya ta dawo da kanta, kuma wannan ba shi da ramin adafta. Laftof ɗin a batiri yake lokacin saboda an ɗauke wuta.

Injiniya Sabo:
Abu biyu nake zargi kuma ba zan iya rabe su daga nan ba. Ko wutar ce take kan gaɓa, ko kuma Windows ce take kashe bakin don tattalin batiri. Fara da na biyun tunda kyauta ne, ka shiga `Power Options` ka nemo `USB selective suspend setting` ka mayar da shi `Disabled` a ɓangaren batiri da na caji, ka bar ta ta yi awa biyu tana ɗauka ba a lokacin karatu ba. In ta sake yankewa sai ka sa hob mai adaftarsa a ƙarshen kebul ɗin kusa da kyamara. Akwai soket a gaban wajen malam, kuma yana kan layin janareta ko inbata?