Raba kwamfutar aiki da wayoyin yara a gida

Shawarar da 'yan uwanmu na Jidda masu aiki daga gida suka fi tsayawa a kai ita ce a kunna Guest Network, wato layin Wi-Fi na baƙi, a rauta, a ɗora kwamfutar ofis ita kaɗai a can da kalmar sirri daban. Wayoyin yara da talabijin su zauna a babban layin.

Amma kunnawa kaɗai ba ta isa ba. Wani ya ce sai da ya kashe zaɓin da ke ba baƙi damar shiga na'urorin gida, sannan rabuwar ta tabbata. Gwajin ba wuya: daga kwamfutar aiki, a buga ping, umarnin da ke gwada ko na'ura za ta amsa, zuwa lambar IP ta wayar uwargida, misali 192.168.1.20, tana kunne a hannu. In amsa ta dawo, har yanzu a haɗe suke.

Firintar gida kuwa za ta ɓace wa kwamfutar, sai a haɗa ta da kebul ɗin USB.